Maraƙi Ya Shanye Shaida: Lacca Kan Ciwon Hantsa da Tsayar da Tatsa

An ɗauko wannan daga faifan wani zama da masu kiwon shanun madara a Maraɗi. Mai magana malamin dabbobi ne.

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su yau: na ɗaya kofin gwada madara don gano ciwon hantsa, na biyu abin da za ka yi in ka ga alama, na uku yadda ake tsayar da tatsa kafin saniya ta haihu.

Ga kofin nan a hannuna. Alhaji na ta leƙe, yana tsammanin zan fito da wata na'ura daga jaka. (Dariya.) Wanda ake sayarwa yana da baƙin faranti ko baƙar raga a bakinsa. Nawa kuwa kofin roba ne na shan koko, na ɗaure masa baƙin ƙyalle da robar tayar keke, shi ke nan. Abin da ake so baƙi ne, don madara fari ce, kuma gudajin da muke nema fari ne. A cikin ƙwarya ba za ka gan shi ba, balle da asuba ido bai gama buɗewa ba.

Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane ɗaki da ƙofarsa, kuma madarar wannan ba ta shiga wancan. Ƙwayar cuta ta bakin nono take shiga ta hau sama. Shi ya sa za ka ga ɗaki ɗaya ya kamu, sauran ukun lafiya lau. In ka tatsa duka a ƙwarya ɗaya, ukun nan sun rufa wa ɗayan asiri. To sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya: tsirto biyu ko uku daga nono na farko a kan baƙin ƙyallen, ka duba, sannan ka wuce na biyu. Kullum ka fara daga wuri guda, misali gaba na dama, don ka riƙe wane ne wane.

Me kake nema? Ƴan gudaji kamar tsakin gero. Ko wani abu mai zare-zare da yake ja kamar yauƙin kuɓewa. Ko madara ta tsinke ta koma ruwa-ruwa, ko ta yi ɗorawa-ɗorawa, ko jini-jini. Lafiyayyar madara wucewa take ta ƙyallen ba ta bar komai.

Yanzu ga inda nake so mu zauna, don nan ne namu ya bambanta da abin da aka koya mana a makaranta. Shanunmu, Azawak ne ko Bororo ko Gudali, galibinsu ba sa sakin nono sai ɗansu ya taɓa. Me muke yi? Mu kwance maraƙi daga dangwali, ya ruga ya tsotsa, ya tunkuyi hantsa, nono ya sauko, sannan mu janye shi mu durƙusa. To tsirton farkon nan, wanda ya kwana a cikin kan nono, wanda gudajin ya fi taruwa a ciki, wa ya sha shi? Maraƙi. Maraƙi ya shanye shaida! Kai kuma ka zo daga baya kana cewa madara kyakkyawa ce. Ina sake faɗa, maraƙi ya shanye shaida. Saboda haka kofi ne kan gaba, maraƙi na bayansa. Kada ka ce ai ba ta sako ba. Ɗan abin da ke kwance a kan nonon yana fitowa ko ba ta sako ba, kuma shi kaɗai muke buƙata.

Bari in ba ku labarin kaina, don kada ku ce malami bai taɓa yin kuskure ba. Ina da wata jar Azawak, haihuwarta ta uku, tana ba ni wajen litir biyar a yini bayan abin da ɗanta ya sha. Da damina ne, turke ya yi caɓi. Kwana biyu ina lura maraƙin yana tsallake nono na baya na hagu, ya kama ya saki, ya koma wani. Na ce iskanci ne na maraƙi. A rana ta uku uwargida ta ce mini madarar ta tsinke a wuta. Sannan na ɗauko kofin da nake koya wa mutane, wanda ke rataye a ƙusa. (Dariya.) Gaba na dama lafiya, gaba na hagu lafiya, baya na dama lafiya, baya na hagu sai ga gudaji kamar an watsa tsaki. Na taɓa, ya ɗan fi ɗan uwansa ɗumi, kuma can sama akwai tauri kamar ƙwallon goruba a cikin tsumma. An yi magani, ta warke, amma ɗakin nan bai koma yadda yake ba har ƙarshen wannan tatsar. Kwana biyun da na ɓata su suka ci ni. Don haka in maraƙi ya ƙi wani nono, ko saniyar da ba ta harbi ta fara ɗaga ƙafa in ka taɓa wani gefe, saurara musu.

Wani zai ce, to me zai hana in tsirta a tafin hannu, ko a ƙasa? Na ga masu yi. A hannu, ka ɗebi cutar ke nan ka kai wa nono na gaba da saniya ta gaba. A ƙasa kuwa, nan za ta kwanta anjima. Abin da ya taru a kofi ka zubar nesa da turke, ka wanke kofi da ƙyalle da sabulu, ka shanya a rana. Kuma wannan shafa kan nono da kumfar madara da ake yi don hannu ya yi santsi, a bar shi don Allah.

Kada kuma ku ruɗe da dakashi. Kwanakin farko bayan haihuwa nono kauri ne da shi, launinsa ɗorawa, wannan halittarsa ce. Kuma kofi yana da iyaka: akwai ciwon da ke ɓoye, madara ta fito fes amma yawanta na raguwa. Wannan sai gwajin Kaliforniya, wani faranti mai gurbi huɗu da ake zuba wa ruwan magani, in ɗakin ya kamu sai madarar ta yi yauƙi. Mu kan yi shi, ku neme mu.

Na ce uku ko? Muna na nawa? To, na biyu, a gurguje. Ka ga gudaji, saniya na cin abincinta: a tatse ta ƙarshe bayan sauran, a ƙwarya dabam, a tatse ɗakin nan tas sau da yawa a yini, a wanke hannu, a kira malamin dabbobi a ranar. Amma in hantsa ta kumbura ta yi zafi, abin da ke fita ruwa ne, saniya ta bar ci, ma'aunin zafin jiki ya haura digiri 39.5, wannan ba a kwana da shi. Ana rasa nonon, ana rasa saniyar ma.

Sai tsayar da tatsa, na ga lokaci ya tafi. Cikin saniya wata tara ne da ƴan kwanaki, kuma hantsa na son hutun kamar kwana 60 kafin haihuwa don ta sabunta. Lissafin mai sauƙi ne: wata bakwai da ƴan kwanaki daga ranar da sa ya hau ta. In farkon Maris ne, haihuwa na wajen 10 ga Disamba, ka tsayar wajen 10 ga Oktoba. Yawancin namu da kansu suke ƙafewa tun kafin nan, amma mai nono sosai da masu jinin waje sai an tsayar da su.

Saura mako guda, ka janye dusa da angurya da harawa, ka bar ta da busasshiyar ciyawa. Ruwa kuwa ba a hana ta, a zafin Maraɗi hana ruwa zalunci ne. Ranar ƙarshe a gwada da kofi tukuna, in da gudaji sai an yi magani kafin a tsayar. In lafiya, a tatse tas. In malami ya ce a sa maganin hutu, wannan ɗan sirinjin marar allura, a goge bakin kowane nono da auduga da alkol, a fara goge na nesa da kai sannan na kusa. Wajen sa magani sai a juya, na kusa tukuna, don kada hannunka ya gogi wanda ka tsabtace. Kan sirinjin kaɗan ake shigarwa, kowane nono da nasa sirinji. A tsoma nonuwan a maganin aidin, a bar ta tsaye kamar rabin awa, a ɗaura mata jan tsumma a ƙaho. Daga nan ba a ƙara taɓawa.

(Wata daga cikin mata ta ɗaga hannu.)

Na'am, Hajiya?

"Malam, ni bara na tsayar da tawa, kwana biyu hantsa ta cika tam kamar za ta fashe, tausayi ya kama ni na ɗan rage mata. Kuma da dare ɗanta na zuwa."

Hajiya, kin taɓo babbar magana, zauna abinki. Wannan cikar ita ce ke gaya wa jikin saniya ya daina yin madara. Da kin rage, kin ce mata ci gaba. Bayan haka, bakin nono yana yin wani ɗan toshi kamar kakin zuma da ke rufe ƙofar, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Duk tsirto ɗaya buɗe ƙofar ne, ga ƙuda, ga kashi a turke. Makonnin farko na hutu da dab da haihuwa su ne lokacin da sabuwar cuta ta fi shiga. In kuma an sa maganin hutu, tatsar ta fitar da shi, kuma madarar nan ba ta shan mutum ba ce sai kwanakin da aka rubuta a kwalin sun cika.

Abin yi shi ne ki duba da ido safe da yamma har mako guda. In duka huɗun sun cika daidai, tana ci tana tuƙa, bar ta, cikin ƴan kwanaki za ki ga ta fara saki tana yamushewa. In ɗaya ya fi sauran girma, ya yi zafi, tana harbi, wannan ciwo ne, a tatse shi a kira mu.

"To ɗan fa, Malam? Kuka yake har gari ya waye."

Zai yi kwana uku ya gaji. Amma ɗaure shi a gefen uwar ba rabuwa ba ne, muryarsa kaɗai na sa nono ya sauko. Akwai wani gida nesa da za ki kai shi?

"Ƙanena na da garke a Tibiri."

To Tibiri ta yi. A ɗora shi a amalanke tun da safe, a haɗa masa da ƴar dusarsa.