Hannun jari ya tashi, amma riba ta ƙi zuwa: yadda Delta da Theta ke canja farashin ofshin kafin cikar wa'adi

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Mutum ya sayi ofshin, wato kwangilar da ke ba shi damar saye ko sayar da hannun jari a kan farashin da aka tsayar, yana hasashen hannun jarin wani kamfani zai tashi, hannun jarin kuwa ya tashi kamar yadda ya hango, amma da ya buɗe asusunsa sai ya tarar da ribar ba ta taka kara ta karya ba, wani lokacin ma asara ce ke jiransa. Yau za mu bi kwangila guda ɗaya tun ranar saye har ranar da wa'adinta ya cika, mu ga inda kuɗin ke zurarewa.

Ga kwangilar da za mu yi aiki da ita. Hannun jari ne a kasuwar Amurka, farashinsa yau dala 100. Ka sayi ofshin na saye, wanda a allon dillali ake rubuta masa Call. Ya ba ka damar sayen hannun jarin a kan dala 100, wato farashin yarjejeniya, nan da kwana 30, in ka ga dama, ba dole. A can kowace kwangila ta ƙunshi hannun jari 100. Mun ɗauka cewa kasuwa na tsammanin hawa da saukar farashin zai kai kashi 30 cikin ɗari a shekara, mun kuma ajiye kuɗin ruwa da rabon riba a gefe don lissafin ya fito sarari. In aka sa waɗannan a lissafin Black-Scholes, wanda aka wallafa a 1973, kuɗin ofshin ɗin zai kama dala 3.43 a kan kowane hannun jari, wato dala 343 kwangilar gaba ɗaya.

Me ka saya da wannan dala 343? Da yau wa'adin zai cika, kwangilar ba ta da wata daraja, domin damar sayen abu a kan dala 100 alhali a kasuwa ma dala 100 yake ba ta ƙare ka da komai ba. Ke nan duk abin da ka biya kuɗin lokaci ne, kuɗin begen cewa cikin kwana 30 farashi zai motsa. Wannan kuɗin kuwa kamar ƙanƙara yake a hannun mai talla, ko an saya ko ba a saya ba, narkewa yake yi. Adadin da ke narkewa kowace rana shi ne ake rubuta wa Theta a allo, kuma ga mai saye yana zuwa da alamar ragi a gabansa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne narkewar ba daidai-wa-daida take tafiya ba. Wani zai raba 343 gida 30, ya ce kusan dala 11 ke nan a rana. Ba haka ba ne. Mu ƙaddara farashin hannun jarin ya tsaya cik a dala 100. A rana ta farko kusan dala 6 kawai za ka rasa. Idan saura kwana 15, kwangilar na kan dala 243, wato rabin lokaci ya wuce amma dala 100 kaɗai ta tafi. Idan saura kwana 7 tana kan dala 166, kuma a nan kana rasa dala 12 a rana, ninki biyu na farko. Idan saura kwana ɗaya tana kan dala 63, wannan 63 ɗin kuma a yini guda za ta ƙare ƙaf.

Dalilin yana cikin yadda farashi ke yawo. Nisan da ake tsammanin farashi zai iya kaiwa ba ya ninkuwa don kwanaki sun ninku, domin hawan yau na iya goge saukar jiya. Sai lokaci ya ninku sau huɗu kafin nisan ya ninku sau biyu. Shi ya sa idan saura kashi ɗaya cikin huɗu na kwanakin, wato wajen kwana 7 da rabi, rabin kuɗin lokacin yana nan. Rabin farko ya ɗauki sama da mako uku yana narkewa, rabi na biyu kuwa mako guda zai cinye shi. A lura, wannan saurin na ƙarshe ya fi shafar ofshin ɗin da farashin yarjejeniyarsa ke daf da farashin kasuwa. Wanda ya yi nisa sosai, kuɗin lokacinsa tun da wuri yake tsiyayewa, a makon ƙarshe ba sauran abin kirki da zai narke.

Yanzu mu dawo kan Delta. Shi ke gaya maka nawa ofshin ɗinka zai ƙaru ko ya ragu idan hannun jarin ya motsa da dala ɗaya. Na Call yana tsakanin 0 da 1. A ranar da ka saya, Delta na kwangilarmu 0.52 ne, wato in hannun jarin ya ƙara dala ɗaya, kwangilarka za ta ƙara kusan dala 52. 'Yan kasuwa kan kalle shi kuma a matsayin kimanin yiwuwar ofshin ya ƙare da daraja a ranar ƙarshe. Ƙiyasi ne, ba cikakken lissafi ba, amma yana taimakawa wajen gane abin da ke tafe.

Delta ba ya zama wuri ɗaya, kuma wucewar kwanaki kaɗai ta isa ta motsa shi. Ɗauki hannun jarin a dala 103. Idan saura kwana 30, Delta 0.65 ne, domin akwai isasshen lokacin da farashi zai iya komawa ƙasa da 100. Idan saura kwana 7, a wannan farashin dai na 103, ya zama 0.77. Idan saura kwana ɗaya ya kai 0.97, ofshin ɗin ya kusa zama hannun jarin kansa. Juya lamarin, ka sa farashin a dala 97. Da kwana 30 Delta 0.38 ne, da kwana 7 ya sauka zuwa 0.24, da kwana ɗaya kuwa 0.03. A nan ko hannun jarin ya ƙara dala guda, 'yan daloli kaɗan za ka gani a kwangilarka. Masu cewa bari in ƙara haƙuri ko zai farfaɗo, wannan ne abin da ba sa gani: kullum aka wayi gari, ƙarfin da ofshin ɗin ke da shi na bin hannun jarin sama raguwa yake yi.

To mu haɗa biyun a kan mutumin da muka fara da shi. Ya biya dala 343. Da a ranar da ya saya hannun jarin ya yi tsalle zuwa 103, kwangilarsa za ta kai wajen dala 518, ribar dala 175. Amma a ce hawan ya zo a hankali, sai da aka ci kwana 23 kafin a kai 103. Yanzu saura kwana 7, kwangilar na kan dala 359. A ciki dala 300 daraja ce ta zahiri, wato tazarar da ke tsakanin 103 da 100 sau hannun jari 100, sauran dala 59 ne kawai ragowar kuɗin lokaci. Ribarsa dala 16, kafin a cire la'adar dillali da tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, waɗanda za su iya lashe ta duka. In kuwa ya riƙe har ranar ƙarshe farashin bai gusa daga 103 ba, dala 300 zai samu, asarar dala 43. Hasashensa ya yi daidai, lokaci ne ya ci shi. Sai farashin ya wuce 103.43 a ranar cikar wa'adi kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, kuma wannan lissafin tun kafin a danna saye ya kamata a yi shi: farashin yarjejeniya a tara da abin da aka biya.

Wanda ya ji haka zai ce to ai gara in zama mai sayarwa, in riƙa karɓar kuɗin da ke narkewa. Gaskiya ne Theta na gefen mai sayarwa, amma akwai abin da ya ɗauka a madadinsa. A allo za ka ga Gamma, shi ne yawan canjin Delta idan hannun jari ya motsa da dala ɗaya. A farashin 100, da kwana 30 Gamma bai kai 0.05 ba, da kwana 7 ya kusa 0.10, da kwana ɗaya ya kai 0.25. Ma'ana a ranar ƙarshe motsin dala ɗaya kacal na iya ɗaga Delta daga 0.50 zuwa wajen 0.74. Wanda ya sayar da Call ɗin saura kwana ɗaya ya karɓi dala 63. Idan aka rufe kasuwa a 102, kwangilar ta zama ta dala 200, ya yi asarar dala 137, fiye da ninki biyu na abin da ya karɓa. Motsin dala 2 kuwa ba abin mamaki ba ne ga hannun jarin da matsakaicin motsinsa na yini, a wannan ma'aunin, ya kai wajen dala ɗaya da rabi. Inda Theta ya fi tsoka, nan Gamma ya fi kaifi, ba a samun ɗaya babu ɗayan.

Duk lambobin nan sun dogara ne a kan cewa kashi 30 ɗin nan bai canja ba, a kasuwa kuwa yana canjawa. Kafin kamfani ya fitar da rahoton ribarsa yakan kumbura, bayan rahoton ya fito sai ya sace. In ya faɗi daga 30 zuwa 20, kwangilar dala 343 za ta koma wajen dala 229 nan take, ba tare da hannun jarin ya motsa ko kwana ya wuce ba. Saboda haka in ka ga ofshin ɗinka ya zube fiye da abin da Theta ya nuna, alhali farashin hannun jarin na nan, duba wurin da aka rubuta IV a allon, wato wannan kason na hawa da saukar da kasuwa ke tsammani, galibi can matsalar take.

Sai ranar ƙarshe ita kanta. Kwangilolin wata-wata a Amurka suna ƙarewa ne ranar Juma'a ta uku a wata, kuma a ƙa'idar hukumar OCC mai warware cinikin, duk ofshin da ya rufe da darajar zahiri ko ta sent ɗaya ce, ana zartar da shi kai tsaye sai in mai shi ya ba da umarnin kada a yi. Idan aka rufe a 100.05 kana riƙe da Call ɗinka, za ka wayi gari ranar Litinin da hannun jari 100 da aka saya maka a kan dala 10,000, kuma duk labarin da ya ɓullo a ƙarshen mako a kanka zai sauka. In babu wannan kuɗin a asusunka, dillalai da yawa kan sayar da kwangilar da kansu kafin a tashi kasuwa, a farashin da suka samu. Idan ba ka da niyyar mallakar hannun jarin, sayar da kwangilar da hannunka tun kasuwa na ci, kada ka bari sai mintunan ƙarshe na Juma'a.