Akwati a kan daɓe: zai zame ne ko zai kife?

Ga akwatin katako tsaye a tsakiyar ɗaki, ya kai wa mutum kafaɗa. Ana so a matsar da shi zuwa bango. Mutum na farko ya dafa shi daga can sama ya tura, sai gindinsa na baya ya ɗaga, saura kaɗan ya kife. Na biyu ya durƙusa ya tura daga ƙasa, akwatin ya zame ya tafi salun-alun. Akwati ɗaya, daɓe ɗaya. Abin da ya canza kawai shi ne inda aka ɗora hannu. Yau za mu lissafa daidai inda iyakar take.

Mu ba akwatin adadi. Faɗinsa daga baya zuwa gaba santimita 60, tsayinsa santimita 150, nauyinsa kilo 50, kuma kayan da ke ciki sun bazu daidai, babu ɓangaren da ya fi wani. Ƙasa tana jan kowane kilo da ƙarfin kusan niwton 10, saboda haka tana jan akwatin nan da niwton 500, kuma jan yana bi ta tsakiyarsa ne.

Mu fara da zamewa, don ita ce mai sauƙi. Idan ka tura kaɗan, akwatin ba ya motsi, domin gogayyar da ke tsakanin gindinsa da daɓe tana maida maka daidai abin da ka tura. Ka ƙara, ita ma ta ƙara. Amma tana da inda ƙarfinta ya ƙare, kuma ana samun wannan iyaka ne idan aka ninka nauyi da wani adadi da ake kira miyu, wanda ke nuna yadda abubuwan biyu ke kama juna. Mu ɗauka miyu na katako a kan daɓen siminti mai kaushi 0.4 ne.

[A allo: F = μW = 0.4 × 500 = 200 N]

F shi ne ƙarfin turi, μ shi ne miyu, W nauyi, N kuma niwton. Niwton 200 ke nan. Da zarar turinka ya wuce haka, akwatin ya kama hanya. Ka lura, ko a sama ka tura ko a ƙasa, in dai a miƙe kake turawa ba dannawa kake yi ba, wannan 200 ɗin ba ta canzawa.

Kifewa kuwa wani zance ne daban, kuma a nan tok ke shigowa, wato ƙarfin juyi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ga tok da idonsa. Noti ya ƙi kwancewa a tayar babbar mota, sai a zura dogon bututun ƙarfe a kan sifana, yaro ya danna can ƙarshensa, noti ya saki. Yaron bai ƙara ƙarfi ba, nisa ya ƙara. Tok shi ne ƙarfi a ninka da nisansa daga wurin da abu ke juyawa, kuma nisan ana auna shi ne a gicciye da hanyar da ƙarfin ke bi.

To a ina akwatinmu zai juya in zai kife? A kan gefensa na gaba, can ƙasa inda ya taɓa daɓe. Sa ɗigo a nan, duk lissafin daga nan za mu yi shi. Wayon zaɓar wannan wuri shi ne, a daidai lokacin da baya ya fara ɗagawa, gogayya da tokarewar da daɓe ke yi wa akwatin duk sun taru a wannan gefe. Nisansu daga ɗigon sifili ne, don haka ba su da tok, sun fita daga lissafi. Saura biyu ke ja-in-ja: hannunka mai son kifar da akwatin, da nauyinsa mai son zaunar da shi.

Nauyin yana bi ta tsakiya, santimita 30 daga gefen gaba, wato mita 0.3. Niwton 500 sau 0.3, tok ɗinsa 150 ne. Wannan shi ne abin da hannunka zai kayar kafin baya ya ɗaga.

Mutum na farko ya tura a can ƙoli, mita 1.5 daga daɓe.

[A allo: F × 1.5 = 150, F = 100 N]

Niwton 100 kacal ya ishe shi ya ɗaga akwatin. Yanzu ka ajiye adadin biyu kusa da juna: zamewa na neman 200, kifewa na neman 100. Turi daga sifili yake tasowa, don haka 100 zai fara riska. Akwatin zai karkata alhali gindinsa bai gusa ko taƙi ba.

Na biyu ya tura a rabin mita daga daɓe. 150 a raba da 0.5, ya ba da niwton 300 kafin a yi maganar kifewa. Amma tun a 200 akwatin ya riga ya zame.

Akwai abin da ke faruwa a ƙarƙashin akwatin wanda ido ba ya gani, kuma ni a wurina shi ne ya fi daɗin sani. Kafin a taɓa akwatin, daɓe yana tokare shi ne ta tsakiya. Kana fara turi, cibiyar tokarewar sai ta soma rarrafawa zuwa gaba. Mutum na biyu yana tura 200 a rabin mita, tok ɗinsa 100, a raba da 500, cibiyar ta matsa santimita 20. Saura 10 ta kai baki, akwatin yana da sauran wurin tsayawa. Idan lissafi ya nuna maka cibiyar ta wuce santimita 30, ta fita daga ƙarƙashin akwatin ke nan. Daɓe ba zai tokare abu a inda abin bai taɓa shi ba, don haka amsar ita ce ya kife.

Ina iyakar take? A tsayin da ƙarfin da zamewa ke nema da wanda kifewa ke nema suka zo daidai.

[A allo: μW × y = W × b/2, y = b/(2μ)]

A nan y shi ne tsayin da ka dafa, b kuma faɗin akwatin. Dubi W, tana hagu tana dama, ta soke kanta. Nauyi bai da ta cewa. Rabin faɗi a raba da miyu, 30 a raba da 0.4, santimita 75. Ƙasa da nan zamewa, sama da nan kifewa, ko akwatin fanko ne ko cike da littattafai. Ɗalibai da yawa kan ce mai nauyi ya fi wuyar kifewa. Gaskiya ne ya fi neman ƙarfi, amma zamewarsa ma ta ƙaru daidai gwargwado, don haka layin santimita 75 yana nan inda yake.

Daɓe ne ke motsa layin. Kai akwatin kan tayil mai santsi, mu ce miyu 0.2, iyakar ta haura zuwa santimita 150, ƙolin akwatin ke nan. Ko ina ka dafa a jikinsa ƙasa da ƙoli, zamewa zai yi.

Sai kuma inda ake yawan yin ɓarna. Akwatin yana tafiya lafiya a kan tayil, kana turawa a tsayin mita 1, sai gindinsa ya ci karo da dokin ƙofa. Yanzu zamewa ta toshe gaba ɗaya, lissafin miyu ya daina aiki. Saura tok kaɗai: 150 a raba da 1, niwton 150. A kan tayil 100 kake bayarwa, ka ji ya tsaya, ka ƙara ƙarfi da rabi ba tare da ka duba ƙasa ba, sai baya ya ɗaga. In ka saki da wuri zai dawo ya zauna, domin wannan akwatin sai ya karkata kusan digiri 22 kafin tsakiyar nauyinsa ta tsallake gefen gaba. Daga nan nauyin da ke riƙe shi ya koma jan shi zuwa ƙasa ta ɗaya ɓangaren, kuma hannunka yana baya, ba inda za ka tare shi.