Laccar Fassara: Imel Zuwa Faransanci Ba Tare da Bin Kalma-Kalma Ba

To jama'a, mu ci gaba daga inda muka tsaya kafin Sallar La'asar.

Wani ɗan kasuwa a Kano ya taɓa kawo mini imel da zai aika wa kamfanin da ke fitar masa da kaya a tashar ruwa ta Kwatano. Da Hausa ya tsara abinsa: "Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so ka aiko min da takardar kuɗin." Yaronsa ya juya ta zuwa «Je veux que tu m'envoies la facture». Nahawu kam babu kuskure ko ɗaya. Amma wanda ya karanta zai ji kamar maigida ne ke aiken yaron shago. "Ina so" a bakinmu roƙo ne mai sauƙi, «je veux» kuwa umarni ne tsagwaronsa. Abin da mai Faransanci zai rubuta shi ne «Pourriez-vous m'envoyer la facture ?». Kun ga "so" ɗin ya ɓace gaba ɗaya, roƙon ya koma tambaya, «tu» ya koma «vous».

Wannan «vous» bai kamata ya ba Bahaushe wahala ba. Ai muna cewa "kun wuni lafiya" ga dattijo shi kaɗai. To wanda ba ku saba ba, ko sa'anka ne, «vous» za ka ce masa har sai shi ya sauko da kansa.

Gaisuwar fa? Na san tana yi mana zafi mu yanke ta. Sai dai «Bonjour Monsieur,» ta wadatar, in kun saba ka ƙara «J'espère que vous allez bien». Kada ka jero gida da iyali da gajiya.

Na'am, Malama, ina jin ki. Tana tambaya ko bi ta Ingilishi ya fi sauƙi. Wallahi can tarkon ya fi yawa, don kalmomin sun yi kama. A imel ɗin nan dai, yaron ya so ya ce za su biya ragowar kuɗin daga ƙarshe, ya tuna "eventually", ya rubuta «Nous paierons éventuellement». Ma'anar «éventuellement» ita ce "wataƙila". Wato ya gaya wa mai binsu bashi cewa mai yiwuwa su biya, mai yiwuwa a'a! Na goge ta, na tambayi Alhaji ranar biya, muka sa «Nous réglerons le solde avant le 30 juin». Haka «actuellement», ba "actually" ta Ingilishi ba ce, "yanzu" take nufi.

A rufewa, «Cordialement» ta isa tsakanin 'yan kasuwa. Doguwar nan ta «Veuillez agréer, Monsieur, mes salutations distinguées» ku ajiye ta sai za ku rubuta wa ma'aikatar gwamnati a Yamai. Yanzu kowa ya fito da imel ɗin da na ce ya zo da shi, mu fara da layin gaba.