Yadda Ake Mayar da Fassara Don A Gane Ko Takardar Amincewa Ta Sauya Magana

Ga takarda mai shafi uku. A ce wata cibiyar lafiya ce a Sakkwato za ta yi nazari kan wani sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, ta rubuta takardar amincewa da Turanci, wato takardar da duk wanda ya yarda ya shiga nazarin zai sa wa hannu, ta ba mai fassara ya juya ta zuwa Hausa. Hausar ta yi daɗin karatu. To amma abin da ta faɗa, shi ne abin da ta asali ta faɗa?

Hanyar gwadawa ita ce a mayar da fassarar inda ta fito. Wani masani mai suna Richard Brislin ya yi mata cikakken bayani tun 1970, kuma aikin na mutum uku ne. Na farko ya fassara zuwa Hausa. Na biyu a miƙa masa Hausar kaɗai ya mayar da ita Turanci. Na uku ya ajiye Turancin asali da wanda aka mayar gefe da gefe, ya bi su jimla bayan jimla.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi yana kan na biyun: kada ya taɓa ganin ta asali. In ya gani, ko bai yi niyya ba zai riƙa cike giɓi da abin da ya tuna, sai a sami takardu biyu masu kama da juna alhali Hausar da ke tsakaninsu ta karkace. A kuma gaya masa ƙarara kada ya gyara komai. Inda Hausa ta yi harshen damo, ya rubuta ma'anonin duka biyu.

Mu duba abin da ya dawo. Ta asali ta ce za a ɗebi jini mililita 5, kimanin cokalin shayi ɗaya. Wadda aka mayar ta ce cokali ɗaya kawai. Kalma ɗaya ta faɗi a hanya, kuma babban cokali mililita 15 yake ci, ninki uku ke nan. Wanda yake da ɗari-ɗari da ba da jini, wannan kaɗai ya isa ya tashi ya tafi.

Jimla ta gaba ta fi haɗari. Ta asali ta ce maganin zai iya taimaka maka, zai iya kuma ƙin taimakawa. Wadda aka mayar ta ce maganin zai taimaka maka da yardar Allah. Mai fassara ya bi ladabin maganarmu ne, ba a son gaya wa majiyyaci abin da zai karya masa zuciya. Amma takardar ta koma alkawari, kuma wanda ya sa hannu a kan alkawarin da ba a yi masa ba, amincewarsa ba ta inganta ba. Dole a gyara.

Ba kowane bambanci ne matsala ba, fa. In ta asali ta ce likita, wadda aka mayar ta zo da wata kalmar Turanci mai ma'ana ɗaya, a wuce. Inda ake tsayawa shi ne adadi, lokaci, illar magani, da duk wurin da "za ka iya" ya koma "dole ne". Masu fassarar su zauna tare, a gyara Hausar, sannan a ba wani sabon mutum jimlolin da aka gyara ya sake mayarwa.

Akwai kuskuren da wannan hanya ba ta kamawa. Ɗauki kalmar bincike. Mai mayarwa ɗan boko ne, yana ganinta zai rubuta kalmar Turancin da ke nufin nazarin masana, ta dace da ta asali daram. Dattijon da ya zo daga Wamakko kuwa, da ya ji bincike a asibiti, abin da zai fahimta shi ne za a duba jikinsa a gano ciwonsa. Haka fassarar kalma da kalma take: tana komawa Turanci sumul, don dama Turancin ne aka sa wa rigar Hausa. Shi ya sa in wadda aka mayar ta yi kama da ta asali fiye da kima, a yi shakka.

Saboda haka bayan an daidaita takardun, a karanta Hausar a bayyane ga mutum biyar zuwa goma irin waɗanda za su sa hannu, maza da mata, har da wanda ajami kaɗai yake karantawa. Kada a tambaye su ko sun gane, kunya za ta sa su ce e. A ce: "Baba, in ka koma gida, mi za ka gaya wa iyalinka an ce za a yi maka? In ka ce ka fasa, za a ci gaba da duba ka?" In ya ce ai sai a daina ba shi magani, jimlar da ke ba shi damar janyewa ba ta isa kunnensa ba. A koma kanta a sake rubuta ta, a sake mayarwa, a karanta wa wasu mutanen daban.