Kafin ka haɗa bana da AI, fara auna wurin da rubutu zai zauna

To jama'a, ku kalli wannan hoton da ke allo. Kyamara ce a kan tebur, haske ya faɗo mata ta gefe, wallahi ya yi kyau ba ƙarya. Amma bana ake so a yi da shi, wato dogon hoton nan da ake sawa a saman shafi, wanda za a rubuta "Koyi ɗaukar hoto cikin kwana 7" a kai, to ina rubutun zai zauna? Kyamarar ta kame tsakiya, dama littattafai, hagu fitila, duk inda ka ajiye harafi sai ya hau kan wani abu. Abin nan yana ba ni takaici saboda tun kafin a danna maɓallin haɗa hoton ake yin kuskuren, kuma gyaran bai kai minti biyar ba.

Mu fara da reshiyo, wato faɗin hoto idan aka gwada shi da tsayinsa. Bari mu ɗauki banar saman shafin X, girman da ake so fiksel 1500 ne a faɗi, 500 a tsayi, fiksel su ne ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, kenan 3:1, faɗin ya ninka tsayin sau uku. Shi kuma Midjourney, injin AI mai haɗa hoto, in ba ka gaya masa komai ba 1:1 zai ba ka, murabba'i. Yanzu ka ce kana da hoto mai 1024 da 1024 kana so ka yanke shi ya koma 3:1, abin da zai rage maka 1024 ne da 341 kacal, kashi biyu cikin uku na hoton ya tafi kwandon shara, kuma ba kai za ka zaɓi abin da ya tafi ba, saman kyamarar zai fita, ƙafar tebur za ta fita, sannan abin da ya rage ma bai kai 1500 ba sai ka ja shi ya dushe.

Wani zai ce to ai sai in sa 16:9 tunda shi ma mai faɗi ne. Ya fi, amma da saura. Hoto mai 1344 da 768 in ka mai da shi 3:1 tsayin zai dawo 448, ka zubar da fiksel 320, kusan kashi biyu cikin biyar kenan. Don haka ka nemi siffar da kake buƙata tun farko. A Midjourney `--ar 3:1` za ka ƙara a ƙarshen umarnin. In kuma SDXL kake amfani da shi, wani injin haɗa hoton, shi an horar da shi ne a kan hotuna masu yawan fiksel kusan na 1024 sau 1024, kuma 1536 da 640 yana cikin girman da ya saba da su, to ka haɗa a haka ka yanke tsayin ya koma 512, fiksel 128 kawai ka rasa, 64 sama 64 ƙasa.

Sai dai akwai wata matsala da faɗi yake jawowa. In hoto ya yi tsawo sosai a kwance, injin ba ya son barin fili haka nan, sai ka ga ya maimaita abin da ka nema, ka ce kyamara ɗaya ya ba ka biyu, ko ya miƙa teburin kamar roba. Da ka ga haka ka san reshiyon ya wuce inda ya saba. Mafita ita ce ka haɗa a 16:9 abin ya fito daidai, sannan ka faɗaɗa gefe guda, a Midjourney `Pan` ake ce masa, kana danna kibiyar dama yana ƙara maka bango.

Yanzu mu zo kan filin da babu komai, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na yi bidiyon nan. Yawancinmu hoto muke fara yi sannan mu zo muna neman inda za mu cusa rubutu, ni kuma na ce a juya, rubutun za a fara aunawa. Namu layi biyu ne, na sama "Koyi ɗaukar hoto", haruffa 16 in an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi. In girman font ɗin, wato salon haruffan, 80 ne, kowane harafi a matsakaici yana cin kusan rabin haka a faɗi, ka ce 40, to 16 sau 40 ya ba mu 640. Layi biyun kuma za su ci kusan 190 a tsayi. Amma rubutu ba ya son matsi, ka bar masa kamar 75 tsakaninsa da bakin hoto, wani 75 ɗin tsakaninsa da kyamarar, jimla 790 kenan cikin 1500. Ka ga fiye da rabin banar dole ya zama fili, kuma nan ne mutane ke jin tsoro, sai su ga kamar hoton bai cika ba, alhali rubutun ne zai zo ya cika shi.

Wane gefe za a bari? A X hoton furofayil yana hawa kan banar ta ƙasa a hagu, don haka ban yarda in sa rubutu can ba, kyamarar ce za ta zauna a hagu, ɗan sama kaɗan, dama kuma ta rubutu ce. Ga umarnin a allo:

```
vintage camera on a desk, far left of frame, plain dark grey wall filling the right side, soft even light --ar 3:1 --no text
```

Ku lura ban ce masa ya bar wurin rubutu ba, `--no text` ɗin da ke ƙarshe hana shi zana haruffa yake yi. Sau da yawa da ka ambaci rubutu ko kanun labari a cikin umarni sai ya zana maka wasu haruffan banza da ba sa karantuwa a daidai wurin da kake so ya bari. Gara ka gaya masa abin da zai cika filin da shi, bango fes mai launi ɗaya, ko sararin sama, ko hazo. Shi dai yana buƙatar abin da zai zana ne, to ka ba shi abu marar hayaniya.

Da hotunan sun fito, kar kyamarar ta ɗauke maka hankali, filin za ka duba. Ka buɗe Canva ko duk abin da kake aiki da shi, ka zana akwati mai 640 da 190 ka ɗora a dama. Akwai inuwar taga da ta ratsa ta ciki? Bangon ya fara da duhu ya ƙare da haske? In haka ne farin rubutu zai fito a farkon layi ya ɓace a ƙarshensa. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, tana neman bambancin haske na 3:1 aƙalla tsakanin manyan haruffa da bayansu, 4.5:1 ga ƙanana, kuma a wurin da ya fi haske a cikin akwatin za ka auna, ba a wurin da ya fi duhu ba. In ya ɗan gaza, shimfiɗa baƙin launi mai shara-shara a gefen dama yana gyarawa, in kuma ya gaza sosai ka sake haɗawa kawai.

Abu na ƙarshe, ka loda banar ka duba ta a waya da kwamfuta duka, saboda ana iya datse sama da ƙasa gwargwadon allon mai kallo, shi ya sa akwatin namu yake tsakiyar tsayi, 155 sama 155 ƙasa. Kuma tun da Hausa muke rubutawa, ka tabbata font ɗin yana da ɗ da ƙ da ɓ, in ba haka ba "ɗaukar" ɗin nan za ta fito da harafin farko na wani font daban, ko ma ɗan akwati a madadinsa.