Dokin da aka turke a gaban sarauniya: yaushe zai iya tsinke igiya?

Wannan lacca ce da aka gabatar wa matasa masu koyon wasan ces a Kaduna, aka rubuto ta daga sautin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Na ga akwai waɗanda suka taso tun daga Rigasa da Kawo, Allah ya saka da alheri. Kowa ya jawo allonsa kusa, don da hannu za mu bi wannan karatu.

Idan bishof ya auna dokinka, sarauniyarka kuma tana bayan dokin a layi ɗaya, mun ce an turke dokin. Da ya gusa, sarauniya ta tafi. Amma dokar wasa ba ta hana shi motsi ba. Inda sarki ne a bayansa, kamar dokin c6 da bishof ya auna daga b5 bayan sojan d7 ya matsa, to ɗaga shi haramun ne. Da sarauniya kuwa maganar ciniki ce: ita maki 9 ce, doki da bishof 3 kowanne, ruk 5, soja 1. Idan abin da za ka samu ya fi sarauniya, dokin yana da 'yancin tafiya. Abin da ya fi sarauniya kuwa sarkin abokin karawarka ne.

Ku jera wannan:

```
1. e4 e5  2. Nf3 d6  3. Bc4 Bg4
4. Nc3 g6  5. Nxe5 Bxd1
6. Bxf7+ Ke7  7. Nd5#
```

Wannan tarko yana ɗauke da sunan Légal, Bafaranshen da ya koyar da shahararren ɗan wasan ces Philidor a Paris, ana kuma danganta wasan da shekarar 1750. Ku duba inda sarkin baƙi ya tsaya a e7. Dokin e5 yana tsaron bishof ɗin f7, ya kuma toshe d7. Bishof ya riƙe e8 da e6. Dokin d5 ne ya ba da cek, shi ne ya rufe f6. Sauran gidajen, d8 da f8 da d6, mutanen sarkin ne da kansu suka cika su. Fari ya ba da sarauniya, ya gama wasa da ƙananan kaya uku.

To, a nan nake so mu daɗe. Yawancinku idan kun ga irin wannan, lissafinku yana tsayawa a kan idan ya ci sarauniyata na kashe shi. Wannan shi ne sashe mai sauƙi. Tambayar da za ka fara yi wa kanka kafin ka taɓa dokin ita ce: idan ya ƙi cin sarauniyar fa? A wasan da muka jera, baƙi yana iya cin dokin da soja, dxe5. Sai fari ya ci bishof da sarauniya, Qxg4, domin da dokin ya bar f3 hanya ta buɗe tsakanin d1 da g4, kuma babu mai tsaron bishof ɗin. Doki ya tafi, bishof ya tafi, fari ya tsira da ribar soja ɗaya. Saboda haka 5. Nxe5 daidai ne ko baƙi ya faɗa tarkon ko bai faɗa ba.

Yanzu ku mayar da kayan, mu sauya abu ɗaya tak. Baƙi ya fito da dokinsa c6 maimakon ya ɓata lokaci da g6:

```
1. e4 e5  2. Nf3 Nc6  3. Bc4 d6
4. Nc3 Bg4  5. Nxe5 Nxe5
```

Wa ya ga abin da ya faru? Yauwa, ƙanwata ta can baya ta gani. Dokin baƙi da ya sauka e5 yana tsaron g4. Idan fari ya ci bishof da sarauniya, dokin ya cinye ta. Ga sarauniyar har yanzu bishof yana aune da ita, ga bishof ɗin c4 ma dokin ya sa shi a gaba. Fari ya ba da doki ya karɓi soja, babu wani hari da ya rage masa. Ina ganin wannan kuskure a hannun yara masu ƙwazo fiye da kowa, domin sun haddace tarkon, sai suka daina duba allon da ke gabansu. Abin yana min ciwo, don mataki ɗaya ne kacal ya raba su da nasara.

Matakin shi ne h3. Ka tambayi bishof ɗin inda ya dosa. Idan ya ci dokin f3, sarauniya ta rama, turken ya ƙare. Idan ya ja baya zuwa h5 don ya ci gaba da riƙe dokin, to ya bar gidan da dokin e5 zai iya tsare shi:

```
5. h3 Bh5  6. Nxe5 Nxe5
7. Qxh5 Nxc4  8. Qb5+
```

Kada ku tsaya a mataki na 7 ku ce fari ya yi asarar bishof. Sarauniya ta ratsa layi na biyar daga h5 zuwa b5, ta ba sarki cek, ta kuma auna dokin c4 a lokaci guda. Baƙi dole ya kare sarki, sai ta ɗauke dokin. Ku ƙirga: fari ya rasa doki da bishof, baƙi ya rasa bishof da doki da soja. Idan kuma a mataki na 6 baƙi ya yi kwaɗayin sarauniya, kisan nan na Bxf7+ da Nd5 yana nan yadda yake.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: Malam, to baƙi ma yana iya yin haka?

Sosai kuwa, ɗana. Ga misalin da ya kamata duk mai buɗe wasa da d4 ya sani:

```
1. d4 d5  2. c4 e6  3. Nc3 Nf6  4. Bg5 Nbd7
5. cxd5 exd5  6. Nxd5 Nxd5  7. Bxd8 Bb4+
```

Fari ya ci sojan d5 yana ganin dokin f6 a turke yake. Dokin ya tsinke, sarauniyar baƙi ta tafi, sai cek ya zo daga b4. Sarkin fari ba shi da gidan gudu, abin da kawai zai iya tarewa da shi sarauniyarsa ce a d2. Baƙi ya cinye ta, sarki ya rama, sarkin baƙi kuma ya ɗauke bishof ɗin d8. A nan ba a kashe sarki ba, amma baƙi ya fita da doki a kan soja. Abin da ya sa ya yiwu shi ne cek, wanda bai bar wa fari sararin janye bishof ɗinsa ba. Harin da za ka mayar dole ya zama na tilas a kowane mataki. Idan akwai mataki ɗaya da abokin karawarka zai samu ya numfasa, ka ɗauka sarauniyarka ta tafi a banza.

Sai tsirewa, a taƙaice. A nan babban ne a gaba: bishof ya auna sarauniya, ruk yana bayanta. Fara duba ko akwai mai tsaron bishof ɗin, don in babu, cinye shi za ta yi. In akwai, nemi gidan da za ta koma ta ba da cek, domin yayin da yake kare sarkinsa kai kuma ka janye ruk ɗin. In cek bai samu ba, ta koma inda take tsaron ruk, ka ba da 5 ka karɓi 3. Idan kuwa sarkinka ne a gaba sarauniya a baya, cek ne, dole ka amsa shi: ko ka ci mai harin, ko ka sa wani abu a tsakani, in ba haka ba sarki ya gusa a ɗauke ta.

Yanzu ku zauna bibbiyu, ku jera matsayi na biyu bayan Bg4. Mai fari ya buga h3, mai baƙi ya gwada Bxf3, mu ga yadda zai tsare f7 bayan sarauniya ta sauka f3.