Darasi: Yadda sabon kaya zai sami wurin zama a kasuwar da manya suka riga suka cika

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wanda ke kusa da takarda da biro ya jawo su, domin darasin yau akwai zane a ciki. Malama, sannu da zuwa. Mutum ne ya ƙera sabon kaya, ya shigo kasuwa ya tarar manya uku sun yi shekaru suna sayarwa. Ta ina zai faro?

Malama: Yauwa, sannu dai. Zai faro ne daga cikin kan mai saye. Kafin kai ka zo, mai saye ya riga ya ba kowane kaya wurin zama a ransa: wannan mai ƙarfi ne, wancan mai ƙamshi ne. Abin da za mu zana yau hoton wannan zaman ne, mu kira shi taswirar ra'ayin masu saye. Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce sabon garin sabulun wanki muka yi. Alƙaluman da zan kawo duk na misali ne, don a ga yadda lissafin ke tafiya.

To, a ja layi ɗaya a kwance, a ja wani a tsaye ya ratsa shi ta tsakiya. Kowane layi zai wakilci abu ɗaya da mai saye ke dubawa. A nan ne mafi yawan mutane ke yin tuntuɓe.

Mai gabatarwa: Ni da an tambaye ni, sai in ce a sa tsada a layi ɗaya, inganci a ɗayan.

Malama: Kowa haka yake cewa, kuma taswirar da ke fitowa ba ta gaya maka komai. Dalili kuwa, a wurin mai saye tsada da inganci tare suke tafiya. Abin da ya ga ya yi tsada sai ya ce mai kyau ne. Idan ka zana, sai ka ga kayan duk sun jeru a kan layi ɗaya karkatacce, daga ƙasa hagu zuwa sama dama, kamar an yi musu sahu. Duk lokacin da ka ga ɗigoginka sun jeru haka, to layukanka biyu abu ɗaya suke aunawa, sai ka canza ɗaya. Sannan kalmar "inganci" ta yi faɗi. Ingancin me?

Layukan daga bakin masu saye ake samo su. Ka zauna da mutum 10 ko 12 masu wanki, ɗaya bayan ɗaya. Ka ajiye musu sabulai uku, ka ce: waɗanne biyu ne suka yi kama, kuma me ya raba su da na ukun? Kada ka ba su kalma, ka bari su kawo tasu. Wata za ta ce wannan yana fitar da datti, wani ya ce wancan yana cin hannu, wata ta kawo maganar ƙamshi. Ka rubuta, ka ga waɗanda suka fi maimaituwa. A misalinmu, a ce biyu ne suka yi fice: ƙarfin fitar da datti, da sauƙi ga fatar hannu. Na farko ya hau layin kwance, na biyu ya hau na tsaye.

Mai gabatarwa: Sai in zauna in ɗora kowane sabulu inda na ga ya dace?

Malama: A'a, ranka ya daɗe, in ka yi haka ra'ayinka ka zana. Kai ka san abin da ka zuba a cikin naka, mai saye bai sani ba. Sai ka nemi mutane, a ce 40, ka ce kowa ya ba kowane sabulu maki daga 1 zuwa 7 a kan abubuwan nan biyu. Naka kuwa, tunda ba su san shi ba, ka ba su a leda marar suna su yi wanki da shi mako guda, sannan su ba shi maki. Ka tara makin kowane sabulu ka raba da 40.

A ce ga abin da ya fito. Babban cikinsu ya sami 6.2 a fitar da datti, 2.5 a sauƙi ga hannu. Ku sa masa ɗigo can dama, a ƙasa. Na biyu ya sami 5.8 da 2.9, wato yana manne da babban, kusan a inuwarsa yake zaune. Na uku, mai ƙamshin nan, ya sami 3.4 da 5.6, shi yana sama ta hagu: ba ya cin hannu, amma mutane na ganin ba ya wanki sosai. Namu ya sami 5.3 da 5.9. Ku duba takardarku, sama ta dama, shi kaɗai ne a wurin.

Mai gabatarwa: Ashe an gama. Ga fili babu kowa.

Malama: Kar ka yi saurin murna. Dubi ƙasa ta hagu, nan ma fili ne babu kowa: sabulun da ba ya fitar da datti kuma yana cin hannu. Babu kowa ne saboda babu mai so. Saboda haka akwai tambaya ɗaya da za ka ƙara wa mutanen nan 40: sabulun da kuke buri, nawa za ku so ya samu a kowane layi? Ita ce za ta nuna maka ko filin da ka gani akwai masu saye a cikinsa.

Nan kuma akwai tarkon da nake so a saurara da kyau. A ce 24 daga cikinsu da hannu suke wanki, suka ce suna son 6 a sauƙi ga hannu. Sauran 16 da inji suke wanki, hannunsu ba ya taɓa ruwan, suka ce 2 ma ta ishe su. Idan ka haɗa su ka raba: 24 sau 6 ya ba ka 144, 16 sau 2 ya ba ka 32, jimla 176, a raba da 40, ka sami 4.4. Sai ka ce kasuwa na son 4.4. Alhali a cikin mutum 40 ɗin nan babu ko ɗaya da ya ce 4.4. Ka ƙera wa mutumin da ba ya nan kaya. Don haka amsar wannan tambayar ba a tara ta a raba. Kowa a sa masa ɗigonsa daban, a ga inda suka taru. A namu sun taru gida biyu, kuma gidan masu wanki da hannu yana daidai inda sabulunmu yake. Su ne mutanenmu. Masu inji mu bar wa babba, ba za mu iya ƙwace su ba a yanzu.

Mai gabatarwa: To alƙawarin da za mu yi wa mai saye a talla fa? Sabulunmu yana wanki, ba ya cin hannu, ga ƙamshi, ga kumfa. Me zai hana mu faɗe su duka?

Malama: Wanda ya ji abu huɗu a talla, zuwa gobe ba zai riƙe ko ɗaya ba, kuma zai fara zargin cika baki ne. Taswirar ta riga ta zaɓa mana. A fitar da datti muna da 5.3, babba yana da 6.2. In muka ce mun fi kowa wanki, mun shiga kokawa da shi a filinsa, kuma mai saye ba zai yarda ba. Fitar da datti kuɗin shiga ne kawai; dole mu kai matsayin da ba za a raina mu ba, kuma mun kai. Inda muka yi wa manyan biyu nisa shi ne hannu, 5.9 a kan 2.5 da 2.9. Alƙawarin ke nan: gama wankinka, hannunka lafiya lau.

Akwai wanda ya yi irin wannan aka gani. A 1962 kamfanin hayar motoci na Avis a Amurka yana bayan Hertz, sai ya fito fili ya ce shi na biyu ne, don haka ya fi ƙoƙari. Bai yi jayayya da girman Hertz ba, ya tsaya inda babban ba zai iya tsayawa ba. Volvo mai ƙera motoci kuma ta daɗe a kan kalma ɗaya, tsaro, kuma tana da abin nunawa: a 1959 injiniyanta Nils Bohlin ya fito da bel ɗin kujera mai maɗauri uku, wanda ake amfani da shi har yau.

Wannan maganar hujja ta shafe mu sosai. Ku tuna mai ƙamshin nan: ba ya cin hannu, kuma an ce ba ya wanki. Mutane da yawa sun riga sun ɗauka cewa sabulun da ba ya yi wa hannu zafi rago ne. Muna cewa "hannu lafiya lau", wasu za su tura mu hagu kusa da shi. Maganin shi ne hoton da ke jikin leda da abin da ake nunawa a talla su zama farar riga tas a hannun da bai tsattsage ba. Baki ya faɗi abu ɗaya, ido ya ga cewa wankin ma ya fita.

Mai gabatarwa: Idan alƙawarin ya fi ƙarfin mai yin sa fa?

Malama: Yakan faru. Domino's, masu sayar da abincin pizza a Amurka, sun yi suna da alƙawarin kai wa mutum odarsa gida cikin minti 30. Alƙawari ne mai kaifi, amma a 1993 suka janye shi bayan shari'o'i kan haɗurran da direbobinsu suka yi. A namu, in wanda ke haɗa sinadaran ya ce ba zai iya tabbatar da kowane buhu ya fito iri ɗaya ba, kada a buga alƙawarin tukuna. Hannu ɗaya da ya yi ƙuraje ya isa a yi ta labari.

Kafin a kashe kuɗin bugawa, a yi gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, a cire sunanmu daga jimlar alƙawarin a sa na babban abokin hamayya. In ta zauna masa daram, to jimlar ba tamu ba ce. "Sabulun da za ka amince da shi" kowa zai iya faɗa; "hannunka lafiya lau" kuwa mai 2.5 ba zai iya ba. Na biyu, a nuna wa mutum 20 ledar na ɗan lokaci kaɗan, washegari a tambaye su me sabulun nan ya ce zai yi. In amsoshin suka watse, wannan ya ce ƙamshi wancan ya ce araha, a koma a rage abin da ke jikin ledar.

Mai gabatarwa: Babban zai zuba ido yana kallo?

Malama: Ba zai zuba ba. In ya ga ana saye, yana iya fito da nasa mai sauƙi ga hannu. Sai dai shekarun da ya yi yana cewa shi ne mai ƙarfi za su riƙe shi, domin ɗigon da ya daɗe a wuri ba ya saurin motsi. Wannan jinkirin shi ne damarmu. Bayan wata shida a sake zana taswirar, da tambayoyi iri ɗaya, amma da sababbin mutane, kuma wannan karon da sunan sabulun a fili. In ɗigonmu yana nan sama ta dama, magana ta shiga. In ya gangara hagu kusa da mai ƙamshi, an ji alƙawarin amma ba a yarda yana wanki ba, sai a ƙarfafa hujja. In kuma rabin mutanen suka ce ba su san shi ba balle su ba shi maki, kada a taɓa alƙawarin. Matsalar tana wajen rarraba kaya da yawan talla.

Mai gabatarwa: Malama, lokaci ya cim mana. Mun gode ƙwarai. Masu sauraro, a adana takardar nan, a huta lafiya.